Kayan da suka kwanta ba kuɗin da ka saye su ba ne

Shekara shida ke nan ina aikin akanta a wani kamfanin sarin tufafi a Manchester, kuma duk ƙarshen shekara idan muka shiga sito ƙidayar kaya sai na tuna da kawuna a Kantin Kwari. Shi ma yana ƙidaya, har ya fi mu ƙwazo. Inda muka raba hanya shi ne kuɗin da ake rubutawa a gaban kowane turmi. Kawu kuɗin sari yake sawa, ko da zanen ya shekara uku yana shan ƙura. In ka yi magana ya ce, "Ɗana, atamfa ba tumatir ba ce, kuɗina na nan kwance."

A nan ba a yarda da haka. Ƙa'idar, wadda ke cikin IAS 2, wato dokar akanta ta ƙasa da ƙasa kan kayan sayarwa, kuma manyan kamfanonin Najeriya ke bi tun 2012, ta ce ka ɗora lamba biyu a sikeli. Ta farko abin da kayan suka ci maka har suka iso sito, wato kuɗin saye da dako da kwastan. Ta biyu abin da zai rage a hannunka in ka sayar, bayan ka cire kuɗin gyara da na sayarwa. Wadda ta fi ƙanƙanta ita za ka rubuta.

Bara mun yi saura da rigunan sanyi 600, kowace ta tsaya mana fam 18, jimla fam 10,800. Sanyi ya wuce, samfurin ma an daina yayinsa. Guda 500 lafiyarsu ƙalau, amma ba mai saye sama da fam 16, kuma la'ada da kuɗin aikawa za su ci fam 2. Ashe fam 14 ce darajar kowace. Sauran 100 rufi ya yi musu yoyo. Masu kasa kayan gwanjo a bayan motocinsu za su ɗauka a fam 7, bayan mun kashe fam 3 wajen wanki da sabuwar leda, saura fam 4. Da aka haɗa, kayan fam 7,400 ne. Ratar fam 3,400 kuwa a cikin asarar wannan shekarar muka sa ta, ba mu jira ranar da za a sayar ba. Maigidana ya ɓata rai, amma ya sa hannu.

Zan yi wa Kawu adalci. A ƙasar da naira ke zubewa, musamman tun 2023, shaddar da ka saya bara sau da yawa ta fi tsada bana, don haka kuɗin sarin ne ƙarami, kuma shi ya kamata a rubuta. Nan bai yi kuskure ba. Kuskuren yana wajen yi wa shago kuɗin goro. Yakan ce ribar shadda ta rufe faɗuwar atamfa. To ƙa'idar ba ta yarda a haɗa su ba, kowane irin kaya da nasa hisabi. Shaddar da ta tashi tana nan a kuɗin sarinta sai an sayar, domin ribar da ba ta shigo aljihu ba ba a ƙirga ta. Atamfar da ta faɗi kuwa a sauke ta yau.

Na ga wannan da idona da na je gida. A can ƙuryar shago akwai dila biyu na atamfa mai hoton wani ɗan takara, zaɓe ya wuce, mutumin ma ya sha ƙasa. Rana ta cinye launin turamen da ke sama. A littafi kuwa suna nan da kuɗinsu cif. Wa zai ɗinka wannan ya je biki?

Abin da ya sa nake ganin tsarin nan ya fi shi ne Kawu ba da kuɗinsa kaɗai yake juyawa ba. Akwai na gwaggo, akwai na marayun ƙaninsa. Duk nairar da aka ƙara wa kayan da suka rage, ta ƙaru a ribar da za a raba. Sai a raba ribar da babu ita, ana gutsurar uwar kuɗi ba a sani ba, sai ranar da wani ya ce a ba shi jarinsa.

Abin mamaki, Kawu ya san dabarar. Lokacin fitar da zakka da farashin ranar yake yi wa kayansa ƙima, kamar yadda malamai suka koyar da ɗan kasuwa mai juya kaya, kuma a ranar ba ya musun cewa atamfar siyasar nan ta mutu. Bambancin kawai, ƙimar zakka tana hawa tana sauka, ta akanta kuwa ba ta wuce abin da kayan suka ci maka. In kasuwa ta farfaɗo ana iya mayar da abin da aka rage, amma iyakarsa nan.

Na ce masa ya riƙa rubuta ranar da kowane dila ya shigo, wanda ya wuce Sallah biyu bai motsa ba a kira dillali ya taya. Ya ce zai duba. Dila biyun dai, da na tambayi yaron shago a waya makon jiya, suna nan.