Ranar da Albashi Ya Shigo, Fara Ware Na Ranar da Zai Makara

Ƙanina, kai da ka fara aiki amma albashinka ba shi da tsayayyar rana, yau a biya, gobe a ce ka yi haƙuri: ina roƙonka ka daina yin lissafi da abin da aka rubuta maka a takardar ɗaukar aiki. Duba saƙonnin banki na wata shida da suka wuce, ka ga kwana nawa ne jinkiri mafi tsawo da aka yi maka. Wannan giɓin shi ne abu na farko da ajiyarka za ta toshe.

Sai ka zauna da biro ka rubuta abin da ba makawa sai an kashe a wata: abinci, kuɗin mota, magani, kason wata na haya. Mu ɗauka albashinka 100 ne, waɗannan sun cinye 70. To, burinka na farko 70 ne, kuɗin wata ɗaya kacal. Maganar ajiyar wata uku tana nan zuwa, amma wanda ya fara da ita yakan karaya tun bai yi nisa ba.

Ranar da kuɗi ya shigo, a ranar za ka cire 10, kafin ka kashe ko sisi. Idan rabin albashi aka ba ka, cire 5. Kada ka ce sai ƙarshen wata ka ajiye ragowa, ragowa ba ta zuwa. A haka, biya 7 cikakku za su kai ka 70.

Inda na fi jin tsoro a kanka shi ne ranar da aka haɗa maka na wata biyu. Ga 200 a hannu, zuciya ta yi sanyi, kana ji kamar an yi maka kyauta, alhali kuɗin da ka riga ka ci bashi a kansa ne. Ka ce bashin 60 ne: biya shi nan take. Ware 70 na watan da kake ciki. Saura 70. Ko 40 ka tura ajiya daga ciki, ka yi aikin wata huɗu a yini guda, kuma ga 30 na sauran buƙatunka.

Ka buɗe wa kuɗin nan asusu daban, wanda katinsa ba ya aljihunka, amma kana iya cirewa a yini ɗaya. Kada ka zuba shi a jari ko ka ranta wa wani, domin ranar da rashin lafiya ta buga ƙofa ba za ta jira ka sayar da kaya ba.

Idan albashi ya makara ka taɓa, ba laifi, aikinsa ke nan, sai dai ka mayar da zarar an biya. Amma in ka ga kana taɓawa ko a watan da aka biya a kan lokaci, to 70 ɗin nan ba ta kai ainihin abin da kake kashewa ba. Koma ka sake lissafi.