Ba kwanon ba ne, ƙusar ce

Maganar rufin gidan Baffana na Birnin Kebbi ce. Damina shida kacal da yin rufin alminiyum, silin ya jiƙe, ɗaki uku na yoyo. Kafintan ya zo ya tsaya a tsakar gida yana cewa, "Alhaji, kwanon yanzu ba shi da kyau." Wallahi raina ya ɓaci, domin ni na hau rufin da kaina. Kwanon lafiyarsa lau ko'ina, sai dai a gindin kowace ƙusa. Nan za ka ga wani farin gari kamar kanwa, ramin ya buɗe har ƙusar tana lilo a ciki. Idan kwano ne marar kyau, me ya sa bai lalace a tsakiya ba, sai inda baƙar ƙusa ta taɓa shi?

Ƙusar ce. Ƙarfe iri biyu idan suka haɗa jiki, ruwa ya kwanta a kansu, sun zama ƙaramin batir. Lantarki kaɗan yana gudana tsakaninsu, ɗaya yana narkewa, ɗayan yana samun kariya. Tsakanin baƙin ƙarfe da alminiyum, alminiyum ne ke narkewa. Farin garin nan naman kwanon ne da ya cinye. To kwanon da kaurinsa bai wuce milimita 0.45 ko 0.55 ba, nawa zai rasa kafin kan ƙusa ya rasa abin riƙewa? Iskar farkon damina na zuwa sai ta ɗaga shi.

Wani ya ce mini ai mu nan ba bakin teku muke ba, babu gishiri a iska. Gaskiya ne, shi ya sa abin ya ɗauki shekaru maimakon ya gaggauta. Amma ƙurar hunturu tana taruwa a gindin ƙusa, ga kashin tantabara, ga raɓa, ga ruwa daga Yuni zuwa Satumba. Wannan dattin da ke riƙe danshi ya isa. Mutanen Yauri da Argungu da ke kusa da kogi sun ma fi kowa buƙatar lura.

Wani kuma ya ce a shafa kwalta a huta. Ka rufe ciwo ne, ƙusar tana nan tana ci.

Abin da muka yi wa rufin Baffa shi ne, mun zare baƙaƙen ƙusoshin duka. Inda ramin bai yi faɗi sosai ba muka sa ƙusa mai zare, wadda ta ɗan fi ta da kauri, ta ƙarfen nan da ba ya tsatsa, sitenles mai lamba 304. Kowace tana da zoben roba a ƙarƙashin kanta, wanda ake rubuta EPDM a jikin kwalinsa. Robar nan ita ce rabin aikin: tana hana ruwa shiga ramin, tana kuma raba kan ƙusar da kwanon. Kada a ɗaure har ta fashe ko ta tsiyayo gefe, ta ɗan kwanta kawai. Falle huɗu da suka ci sosai kuwa dole aka sauya su. Da muka gama muka share duk ɓurɓushin ƙarfen da hudawa ta bari, domin shi ma yana tsatsa a kan kwano ya bar tabo.

Na san masu ilimin abin za su ce sitenles ma ai ƙarfe ne daban da alminiyum. Haka ne. Amma ƙusar ƙarama ce, kwanon faffaɗa, ga roba a tsakani, saboda haka cin ba ya yin yawa a yanayi irin namu. Akasin haka ne bala'i, wato ƙaramar ƙusar alminiyum ta riƙe babban ƙarfe, domin duk cin zai taru a kanta.

Wanda kuɗinsa bai kai sitenles ba, ya nemi ƙusar da aka tsoma a narkakkiyar tutiya, mai launin toka da ɗan kaushi, ita ma da robarta. Tutiyar ce za ta riƙa narkewa a madadin kwanon. Mai ƙyalli sumul ɗin nan shafin tutiyarta siriri ne, da ya ƙare ka koma gidan jiya. Kuma ka je kasuwa da maganaɗisu a aljihu. Sitenles 304 da kyar yake kama shi. In ka ga ya manne ƙam, ba shi aka ba ka ba, ko me mai shago ya rantse.

Af, sai da na zo saukowa na lura da wayar jan ƙarfe ta maganin tsawa kwance a kan kwanon maƙwabcin Baffa, babu abin da ya raba su. Jan ƙarfe ya fi baƙar ƙusa cin alminiyum, ko ruwan da ya gangaro daga jikinsa yana huda kwano. Na leƙa na gaya masa, ya ce yaron da ya sa masa ita yana Jega, sai ranar Juma'a zai dawo.