CV ɗinmu na gida da CV ɗin da na'ura ke iya karantawa

Wallahi CV ɗin da na zo da shi Manchester daga Kano ina alfahari da shi, a bizines senta aka tsara min, ga hoton fasfo a sama, ga jiha da ƙaramar hukuma da addini, ga tebur mai kyau an rubuta masa "Institutions Attended with Dates". A gida wannan ba laifi bane, mutum ne zai riƙe takardar, idonsa ya san inda zai duba. A nan kuma galibin manyan kamfanoni manhajar da ake ce wa ATS ce ke fara karɓa, irin su Workday da Greenhouse, ita ba ruwanta da kwalliya, rubutu take tsamowa ta zuba a gurabe, sunan aiki nan, kamfani nan, kwanan wata nan.

Ranar da na gane haka ita ce da na loda nawa a shafin wani kamfani fom ɗin ya cike kansa, sai na ga an sa sunan jami'ata a gurbin wurin aiki, lambar wayata kuma babu ita kwata-kwata. Ashe lambar a cikin Header na Word take, wato sararin nan na can saman shafi, wasu manhajojin basa leƙa can. Teburin kuma ta bi shi layi-layi ta cakuɗa makarantu da shekaru.

Abin da yafi bani haushi shi ne kwanan wata. Mu dai mun saba rubuta "2019 till date", ko "2016/17" kamar zangon karatu, to na'ura "Present" ta fi ganewa, kuma in ba wata tana iya lissafa maka shekarun aiki ba daidai ba. Ga 03/04/2021, a Ingila 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris, shi yasa na daina sa rana gaba ɗaya. Yanzu kowane aiki haka yake, salo ɗaya daga sama har ƙasa:

```
Work Experience
Accounts Officer, Kano
Mar 2019 - Present
```

Kanun ma na mayar dasu gama-gari, Education, Work Experience, Skills. Bautar ƙasa na sa ta cikin Work Experience da watanninta, tunda NYSC ba kan da na'urar ta sani bane. Hoto da ranar haihuwa na cire, a nan dama ba a so.

Wani abokina yace ai CV ɗin ya koma fayau kamar miya ba gishiri, nace to malam, buɗe naka ka danna Ctrl+A da Ctrl+C ka zuba a Notepad mu gani. Nasa mai ɓangare biyu ne hagu da dama, sai ga Skills sun kutsa tsakiyar aikinsa na biyu. Na ƙaninsa kuwa ko harafi ɗaya bai kwafu ba, don sikanin takarda aka yi aka mayar PDF, hoto ne zalla.