Takwas ɗin da Ta Koma Uku

'Yan'uwana ma'aikatan rajista da ofisoshin albashi, musamman ƙannenmu da suka shigo aiki a 'yan shekarun nan, akwai wata ɗabi'a da nake ganin tana yaɗuwa a tsakaninmu wadda ta daɗe tana damuna. Da zarar takarda ta shiga kwamfuta ta fito a tsare, layi bisa layi, sai mu daina kallonta da idon tuhuma, mu ɗauka kyan tsarinta shaida ce a kan gaskiyar abin da ke cikinta. Zan ba ku labarin wani akawu da muka yi aiki tare da shi. Na ɓoye sunansa da na ma'aikatar, na kuma sauya alƙaluman albashin, amma yadda kuskuren ya shiga da yadda aka kama shi ban taɓa su ba.

Bayan an sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, an sake fasalin jadawalin albashi, kuma sabon jadawalin ya iso ofishinmu a takarda. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan jadawali ya san siffarsa. Daga sama zuwa ƙasa matakan albashi ne, waɗanda muke kira lebul, daga 01 har zuwa 17. Daga hagu zuwa dama kuma ƙananan matakai ne, wato sitef, waɗanda ma'aikaci ke hawa ɗaya bayan ɗaya a kowace shekara, kuma a ƙananan lebul sukan kai goma sha biyar. A kowane gida an rubuta albashin shekara. Gidajen sun haura ɗari biyu, mafi yawansu na ɗauke da lambobi shida ko bakwai, sai aka ga bugawa da hannu zai ci lokaci. Aka ɗauki hoton takardar, aka ba wata manhaja mai karanta rubutu daga hoto, ta mayar da shi jadawalin Excel. Takardar da aka ɗauka hoton ba ta asali ba ce, kwafin kwafi ce, kuma an taɓa ninke ta biyu an sa a aljihu. An fara biya da sabon jadawalin a watan Janairu, watan da ake yi wa ma'aikatanmu ƙarin sitef na shekara.

Akawun da nake magana a kansa ba akanta ba ne, kuma lissafin albashi ba aikinsa ba ne. Aikinsa shi ne ya buɗe fayil ɗin kowane ma'aikaci ya rubuta sabon lebul da sitef da albashi a takardar tarihin aiki. A ƙarshen watan Mayu fayil biyu suka zo hannunsa a jere, na wasu ma'aikata biyu da ke lebul 07. Na farko yana sitef 4, albashinsa na wata naira 96,600. Na biyu ya riga shi shiga aiki da shekara guda, yana sitef 5, albashinsa na wata naira 94,483.33. Ya rubuta na farko, ya ɗora biro zai rubuta na biyu, sai ya dakata, domin bai ga yadda za a yi wanda ke gaba ya karɓi ƙasa da wanda ke bayansa ba.

Abin da ya yi daga nan shi ne dalilin da ya sa nake ba da labarin. Bai tafi da fayil biyu yana cewa an cuci wane ba. Ya ɗauko layin lebul 07 gaba ɗaya ya kwafe shi a farar takarda, sannan ya riƙa ɗebe kowane gida daga wanda ke gabansa. Sitef 3 naira 1,134,600 ne, sitef 4 kuma 1,159,200, tazararsu 24,600. Ya duba baya, daga sitef 1 zuwa 2 da daga 2 zuwa 3, tazarar ba ta sauya ba. Da ya zo sitef 5 sai ya tarar da 1,133,800, wato adadin ya sauka da 25,400 maimakon ya hau. Sitef 6 kuma 1,208,400 ne, wato ya yi tsalle da 74,600. Daga nan har ƙarshen layin tazarar ta koma 24,600.

Ku lura da wannan alama da kyau, domin ita ce sawun ɓarawo a irin wannan aiki. Idan gida ɗaya tak ya lalace a layin da tazararsa ba ta sauyawa, tazara biyu ne za su karkace, wadda ke gabansa da wadda ke bayansa, kuma abin da ɗaya ta rasa shi ɗayar za ta ƙara. A ɗebe 25,400 daga 74,600, za a sami 49,200, wanda shi ne 24,600 sau biyu. Wannan ya nuna masa cewa sitef 4 da sitef 6 lafiyarsu ƙalau, ciwon yana tsakaninsu. Ya ƙara 24,600 a kan sitef 4 ya sami 1,183,800, ya ajiye shi kusa da 1,133,800 da ke cikin kwamfuta, sai ga bambanci a lamba ɗaya: inda ya kamata a ga 8 an ga 3.

Girman giɓin ma yana faɗin irin kuskuren da aka yi. Naira 50,000 cif, lamba ɗaya da sifirai a bayanta, alama ce ta cewa lamba guda aka karanta ba daidai ba, kuma biyar ɗin ita ce tazarar takwas da uku. Da mai bugawa da hannu ne ya juya lambobi biyu, ya rubuta 1,138,800 a maimakon 1,183,800, da giɓin zai zama 45,000, kuma giɓin juya lambobi kullum yana rabuwa da tara ba saura. Tsofaffin akantoci sun san wannan tun zamanin da ake cike littafin kuɗi da alƙalami, sai dai ban cika jin ana koya wa sababbin shiga ba.

Washegari ya kai wa akantan albashi takardarsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani gida a lebul 07 da nake so a duba mini." Akanta ya ɗaga kai ya ce, "Malam, kwamfuta ce fa ta fitar da wannan, kuma wata biyar ke nan muna biya babu wanda ya kawo ƙorafi." Maganarsa gaskiya ce, kuma dalilin shirun ya cancanci a tsaya a kansa. A watan Janairu albashin kowa ya ƙaru saboda sabon jadawali, mutanen sitef 5 ma sun ga alat ya fi na Disamba, suka yi hamdala. Babu wanda ya san ainihin abin da ya kamata ya karɓa, domin jadawalin ba ya hannunsu, kuma ma'aikaci ba ya nuna wa abokin aikinsa takardar albashinsa. Ƙarin da aka yi ne ya lulluɓe ragin. Saboda haka nake cewa watan da aka sauya jadawali shi ne watan da rashin ƙorafi ba ya tabbatar da komai.

Akawun bai yi musu ba. Ya ce, "Yallaɓai, ban ce lissafina ne daidai ba, roƙona a ɗauko ta asali a duba gida ɗaya." Aka aika ofishin da ke ajiye takardar umarni mai sa hannu da hatimi. Da aka buɗe ta, 1,183,800 ne a rubuce. Aka ɗauko kwafin da aka ɗauka hoto, sai ga layin ninki ya ratsa daidai ta kan lambar ya cinye gefen hagu na takwas, abin da ya saura kuwa ko mutum ne zai karanta shi uku.

A nan nake so in ja kunnen masu kaifin kai daga cikinku, waɗanda da sun gano 1,183,800 za su buɗe jadawalin su gyara da kansu su yi shiru. Kada ku yi haka, ko da kuna da ikon shiga. Lissafin tazara yana nuna inda za a duba ne, ba shi ne hukumar da ta tsara albashi ba. Akwai jadawalan da tazararsu kan bambanta da naira ɗaya ko biyu saboda cike kwabo, kuma idan adadin da ke takardar asali ne ya karkace, wanda ya fitar da ita ne kaɗai zai gyara. Ban da haka, gyaran ɓoye yana daidaita watan gobe ne kawai, ya binne haƙƙin watannin baya, domin babu takardar da za a dogara da ita a biya ariyas, kuma ranar da odita ya tarar an taɓa adadi ba da izini ba, ba zai tambayi niyyarku ba. Abin da akawun ya yi shi ne ya rubuta bayani na rabin shafi, ya ambaci lebul da sitef, da adadin da ke kwamfuta, da wanda ke takardar asali, ya liƙa kwafin duka biyun, ya sa hannu da kwanan wata, ya bi da shi ta hannun shugabansa.

Da aka ƙirga, mutum 23 ne ke zaune a wannan gida. Kowanne yana rasa naira 4,166.67 a wata, domin 98,650 ya kamata ya karɓa, wato kusan 20,833 a wata biyar, su duka kuma kimanin naira 479,167. Kuɗin hannu ma shi ne mai sauƙin mayarwa. Duk abin da ake cira bisa kaso ya bi adadin da ya karkace, har da kuɗin fansho, wanda dokar 2014 ta sa ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. Sai da aka sake lissafa waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan ya fi gano kuskuren cin lokaci nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne binciken da zai hana duk wannan bai kai aikin rabin awa ba. A ƙarƙashin jadawalin sai a buɗe wani fili, a rubuta wannan a gida na farko, idan sitef 1 na lebul 01 yana gidan B2, sitef 2 kuma yana C2:

```
=C2-B2
```

Sai a ja shi zuwa dama da ƙasa har ya rufe girman jadawalin, ban da gidan ƙarshe na kowane layi, domin babu wani sitef a gabansa da za a ɗebe shi daga ciki. Kowane layi zai fito da adadi ɗaya yana maimaita kansa, gidan da ya fita daban kuma ido zai faɗa kansa nan take. Amma ku san iyakarsa: idan manhajar ta karanta lambar farko ba daidai ba a layi gaba ɗaya, tazarar za ta fito daidai alhali layin duka ya lalace. Saboda haka gidan farko da na ƙarshe na kowane layi sai an karanta su da baki, mutum ɗaya riƙe da takardar asali yana faɗa, ɗaya yana bin allo da yatsa.

Akanta ya sa aka yi hakan a ranar, shi da akawun suka zauna har bayan la'asar suna bin layukan, ba a sami wani gida da ya karkace ba. An gyara sitef 5 a albashin Yuni, ariyas ɗin mutum 23 kuma ya fita a watan Agusta. Kwafin nan mai ninki yana cikin fayil ɗin har yanzu, an zagaye lambar da jan biro.