Ba ƙyuya ce ta hana ɗalibanku ƙarasa bidiyo ba

Malaman da ke koyarwa ta bidiyo, masu lissafin JAMB, masu koyar da ɗinki, masu gyaran waya, kusan kukanku ɗaya ne. Mutum ya biya kuɗin aji, ya kalli darasi na ɗaya da na biyu, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sai a yanke hukunci: mutanenmu ba sa son karatu. Ni dai ban yarda ba. Kafin ka ɗora wa ɗalibi laifi, duba nauyin fayil ɗin da ka tura masa, sannan ka tambayi kanka nawa zai kashe a data kafin ya kai darasi na ashirin.

Mu yi lissafin a fili. Abin da ke cin data shi ne yawan bayanan da bidiyo ke zubowa a kowace daƙiƙa, wanda manhajojin tace bidiyo ke rubutawa da Mbps. Ƙa'idar mai sauƙi ce: 1 Mbps na cin 7.5 MB a minti ɗaya. YouTube na ba masu ɗora bidiyon 1080p shawarar su fitar da shi a 8 Mbps, kuma da yawa daga cikinmu a nan muke barin saitin, ko ma sama da haka. Wato 60 MB kowane minti. To a ce malamin lissafi yana da darussa 20, kowanne minti 25. Darasi ɗaya ya zama 1,500 MB, ajin gaba ɗaya 30 GB. Ɗalibin da ke sayen 1 GB ya lallaɓa shi na kwanaki ba zai iya sauke ko darasi guda ba. Kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, mutane sun ƙara kaffa-kaffa. Za ka ga mutum yana tsakiyar kallo ya fita ya danna *323# ya ga abin da ya rage, idan bai ji daɗin abin da ya gani ba, shi ke nan, darasi ya tsaya.

Wani zai ce ai shi a YouTube yake ɗorawa, kuma YouTube na rage wa kowa daidai ƙarfin sabis ɗinsa. Gaskiya ne, kuma a nan ne hanyoyin biyu suka rabu. Idan ka tura bidiyo a Telegram ko WhatsApp a matsayin fayil, wato ta `File` ko `Document`, yadda ka tura haka zai isa, ba a rage komai ba. Duka biyun suna karɓar fayil har 2 GB, don haka babu abin da zai tsayar da kai ya ce wannan ya yi nauyi. Ɗalibi ne zai ga lambar a jikin fayil ɗin ya ce bari sai dare, ko sai ƙarshen wata. Mafi yawan "sai ƙarshen wata" ba ya zuwa.

A YouTube kuwa matsalar ta fi ɓoyuwa, kuma ita na fi so mu tsaya a kai. Idan ka ɗora bidiyo, YouTube na yin kwafinsa a matakai daban-daban, daga 144p, 240p, 360p, 480p har sama. Wanda sabis ɗinsa ya yi rauni, ko ya zaɓi `Data saver`, ko ya rage matakin da hannunsa don tsimin data, ƙaramin kwafi yake gani. Kai kuma a kwamfuta ka tace bidiyonka, a 1080p ka duba shi, ka ga komai garau. Kai da ɗalibinka ba abu ɗaya kuke kallo ba.

Ga yadda abin yake lalacewa. Lambar nan ta 1080 ko 240 tana nufin yawan layukan ɗigon hoto daga sama zuwa ƙasa. Malam ya kafa waya a bayan aji don allo duka ya fito, har da bango da fanka. Rubutunsa na alli, a ce tsayin kowane harafi kashi ɗaya cikin arba'in ne na tsayin hoton. A 1080p harafin ya samu ɗigo 27, ana karanta shi sarai. A 240p ɗigo 6 kacal ya samu. Da ɗigo shida ba ka bambance 3 da 8, ƙaramar lambar da ke saman x kuwa ta narke gaba ɗaya. Yanzu ɗalibi na da zaɓi biyu: ya ɗaga zuwa 720p data ta tafi, ko ya zauna yana jin murya yana kallon hazo. Sai ya ɗauki na uku, ya fita.

Ana iya gane wannan a `YouTube Studio`, a jadawalin `Audience retention` da ke nuna inda mutane ke sauka. Wanda ya gaji da magana a hankali yake zamewa, layin na gangarowa sannu-sannu. Amma idan layin ya tafi lafiya duk lokacin da fuskarka ce a hoto, sannan ya karye daidai inda ka juya ka fara rubutu a allo, ko inda ka fara nuna ƙananan layukan awo a kan yadi, to ka zargi hoton kafin ka zargi darasin. Jadawalin ba zai rubuta maka dalili ba, shi ya sa sai ka gwada da kanka: ɗauki ƙaramar waya irin ta ɗalibanka, sa bidiyon a 240p, je wurin da layin ya karye. Idan kai da ka yi rubutun ba ka iya karanta shi ba, magana ta ƙare. A rukunin Telegram ko WhatsApp alamar daban ce. Saƙonnin "Malam a taimaka a turo mana sautin kawai" da "Malam ya ƙi sauka" su ne rahotonka, kuma yawanci ana ɗaukarsu a matsayin raki.

Ba na cewa data ce kaɗai ke korar mutane. Tsawo ma na kora. Binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014 kan kallo kusan miliyan 6.9 a dandalin karatu ta intanet na edX ya nuna cewa yawancin ɗalibai ba sa wuce kamar minti shida a bidiyo, komai tsawonsa. Amma a wurinmu tsawo da data sun haɗe, domin kowane ƙarin minti kuɗi ne. Tambarin da ke juyawa da kiɗa na rabin minti, gaisuwa ga masoya na gida da na ƙetare, roƙon a danna ƙararrawa, duk ɗalibi ne ke biya. Sallama da sunan darasi sun isa.

To me za a canza? Gyaran daga wurin ɗauka yake farawa, kuma wannan ne mutane ba sa son ji, sun fi son a ba su sunan wata manhaja. Matso da kyamara. Bar bango da fanka, ɗauki rabin allon da kake aiki a kai, in ka cika shi ka goge. Ƙara girman rubutu har harafi ya kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na tsayin hoton, wanda zai ba shi ɗigo 16 ko a 240p. Baƙin alƙalamin maka mai kauri a farin allo ya fi jan biro a takarda nesa ba kusa ba. Mai koyar da ɗinki ya sa alli mai haske a yadi mai duhu, ya kawo kyamara kan hannunsa lokacin awo, kuma ya faɗi lambar da baki, "inci goma sha huɗu da rabi", kada ya ce "kamar yadda kuke gani". Wanda ke ɗaukar fuskar kwamfuta ya zuƙo wurin da yake dannawa.

Sannan a kafa waya a kan ƙafa, a daina riƙewa a hannu, kuma a samu haske. Dalilin ba na ado ba ne. Manhajar matse bidiyo tana adana abin da ya canza ne daga hoto zuwa hoto. Idan kyamara a tsaye take, allo bai motsa ba, hannun malam kawai ake biya wa data. Idan hannu na rawa, komai na motsi, komai sai an sake aiko shi. Duhu ma haka: ɗaki mara haske na sa hoton ya yi ta tsatsa-tsatsa, manhajar kuma ta ɗauki wannan a matsayin motsi ta kashe data a kansa. Haka nan 60fps, wato hoto 60 a kowace daƙiƙa, ba shi da aikin yi a darasin allo, 30 ya wadatar.

Idan an yi waɗannan, sai a zo matsewa. Ga mai kwamfuta, wannan layin umarni na manhajar `ffmpeg` ya isa:

```
ffmpeg -i darasi.mp4 -vf scale=-2:480 -c:v libx264 -crf 28 -preset slow -c:a aac -b:a 64k -ac 1 -movflags +faststart karami.mp4
```

Yana mayar da hoton 480p, ya bar sauti a matakin da ya ishi muryar mutum ɗaya, kuma `+faststart` na sa bidiyon ya fara tafiya kafin ya gama sauka. Lambar `-crf` ita ce ma'auni: ka ɗaga ta fayil ya ƙara raguwa hoto ya ƙara dushewa. Wanda ba ya son rubuta umarni, `HandBrake` kyauta ne, kuma lambar tana nan da sunan `RF`. Darasin allo da aka ɗauka a tsaye cikin haske na iya sauka zuwa wajen 0.6 Mbps har da sauti, wato 4.5 MB a minti. Darasin nan na minti 25 ya dawo kimanin 112 MB, ajin duka ya tashi daga 30 GB zuwa 2.25 GB. A raba kowane darasi gida uku ko huɗu, kowane yanki ya tsaya a wajen 28 zuwa 38 MB, wanda mutum zai iya saukewa ko da ragowar data, kuma in sabis ya yanke asarar kaɗan ce. Wannan ƙaramin kwafin na Telegram da WhatsApp ne. YouTube a ba shi mai kyan, tunda zai sake matsewa da kansa, kuma matsi a kan matsi ɓata rubutu yake.

Akwai inda 480p ba zai yi ba, kada a ce na yi kuɗin goro. Mai gyaran waya da ke nuna ƙananan ƙafafun da ke jikin bod, ko mai nuna zaren aikin hula, yana buƙatar 720p a wannan wurin. Amma minti biyu ne cikin ashirin. A yanke su daban a tura da nauyinsu, ko a haɗa da hoto tsayayye mai kaifi wanda bai fi 1 MB ba, ɗalibi ya zuƙo yadda yake so.

Abu na ƙarshe da nake roƙo, a riƙa rubuta nauyi da tsawo a saman kowane darasi: "Darasi na 4, kashi na 2, minti 8, 36 MB." Mai kuɗin data kaɗan da lissafi yake shiga intanet, in ya san abin da zai kashe zai tsara. Wanda ke shakkar duk wannan magana ya raba ɗalibansa na gaba gida biyu, ya ba rabi tsofaffin fayiloli, rabi ƙananan, ya sa tambaya ɗaya a ƙarshen darasi na biyar wadda sai wanda ya kalla zai iya amsawa, sannan ya ƙirga amsoshin kowane ɓangare.