Matse rubutu daban, taƙaitawa daban

Wannan takardar da ake ta yabo a lesin ɗin yaranmu na Agege, don Allah a daina kiranta taƙaitawa. An ɗauki handawut mai shafi goma na tsare-tsaren mulkin zamanin Turawa, an kai wa mai fotokwafi ya ƙanƙance rubutun ya cusa a shafi ɗaya. Madalla da wannan basira! Saura a raba wa yaran tabarau.

Shafi goma ne har yanzu, an dai hana ido ganinsa.

Mai taƙaitawa ba ya bin handawut shafi bayan shafi. Karantawa yake yi tukuna, ya gano tambayoyin da marubucin ke ta amsawa, waɗannan su ne rukunansa. A nan uku ne kacal: yaushe, me ya kawo sabo, ina ya gaza. Sai ka ja layi huɗu a kwance, kowane tsarin mulki da layinsa, gida uku a tsaye. Clifford, 1922: ya fara zaɓe, kujeru uku na Legas, ɗaya ta Kalaba, amma majalisar ba ta yi wa Arewa doka. Richards, 1946: jihohi uku, Arewa, Yamma, Gabas, ba a yi shawara da 'yan ƙasa ba. Macpherson, 1951: an yi shawara, har da taron Ibadan na 1950, ya rushe bayan rikicin 1953. Lyttelton, 1954: tarayya, aka cire Legas daga Yamma. Gabatarwar malam da dogon Turancinsa duk su tsaya a handawut.

Ka ga amfanin jerawar? Gazawar Richards tana layin da ke saman sabon abin Macpherson, yaro da kansa zai ga cewa wannan ne ya haifi wancan. A handawut kuwa shafuka ne tsakaninsu. Ko a kasuwar Mile 12 ba a zuba tattasai da albasa a kwando ɗaya.

Na san masu cewa "komai na iya fitowa a WAEC". To haddace goman, wa ya riƙe ka? Shafi ɗayan ba ya maye gurbin karatu, tuni yake yi wa wanda ya riga ya karanta. Masu cewa ai ta satar amsa ce kuma, ku yi ta kanku.

Tsakani da Allah, ƙannena, ku yi da hannunku. Gida ɗaya kada ya wuce 'yan kalmomi. In ka ga sai ka kwafi jimla sukutum, ba ka gane wurin ba, koma ka sake karantawa. In ka gama, kife takardar ka zana ta da ka, gidan da ya fito wayam nan aikinka yake.

Af, malaman lesin da ke sayar da handawut dole, wai sai ka saya za a duba maka aiki, ku ma akwai ranarku. Iyaye na biyan kuɗin wata, na handawut ɗin na mene ne?