Ranar da ungozomar Faransa ta zaci ba na son ɗana

Ɗana na fari a Lyon na haife shi, nesa da Damagaram da duk wanda ya san ni. Kwana biyu da haihuwa Inna ta iso. Kafin ta zo ina rungume da yaron kamar kowa, amma tana shigowa ɗakin sai na ji hannuna ya yi nauyi. Na ajiye shi a gadonsa na kau da kai. Ya yi kuka, na bari Inna ta ɗauka. Ungozoma ta tambaye ni sunansa a gabanta, na yi shiru ina kallon bango, sai mijina ne ya faɗa. Da yamma sai ga wata mata ta zo da takarda tana tambayata ko ina barci, ko ina jin baƙin ciki, ko ina jin yaron nawa ne. Su a ganinsu alamar ciwon damuwar bayan haihuwa ce. Ita kuwa Inna a ranar ta tabbatar tarbiyyarta ba ta tashi a banza ba, har ta ce min a hankali: "Madalla, ashe zaman Turai bai cire miki kunya ba."

Wannan ranar ce ta sa na daina yi wa maganar marubuciyar Faransa Simone de Beauvoir kallon zancen Turawa. A 1949 ta fitar da littafinta Le Deuxième Sexe, wato Jinsi na Biyu, kuma a farkon babin da ya yi magana kan ƙuruciya ta rubuta jimlar da aka fi saninta da ita, wadda ma'anarta ita ce ba a haihuwar mutum yana mace, zama ake yi. Duk lokacin da na faɗi wannan a cikin 'yan uwa, amsar guda ce: to wa ya halicci mace in ba Allah ba? Gaskiya ne, kuma ita ma ba ta musa jiki ba, babi guda ta ware wa halittar jiki a littafin. Abin da take cewa shi ne jikin bai faɗa wa yarinya yadda za ta zauna, ko abin da za ta yi shiru a kai, ko aikin da ya dace da ita. Mutane ne ke ɗora wannan, tun tana rarrafe.

Mu ma ai mun sani, ba mu dai sa masa suna ba. Wace yarinya ce ba a ce wa "ki zauna kamar mace" ba? Da zaman halitta ne, da ba sai an faɗa ba, kamar yadda ba a koya wa kowa atishawa. Muna cewa wance "ba ta zama mace ba tukuna" alhali ta yi shekara ashirin, don kawai tuwonta na gudaji. Muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kunyar ɗan fari da ta rikita ungozomar nan ba wanda ya zaunar da ni ya karanta min ita. Na ga yayata ba ta kiran sunan ɗanta, na ji ana yi wa wata dariya don ta yi wa nata wasa a gaban surukai, shi ke nan ta shige ni. Kuma a nan ne mutane ke kuskuren fahimta: suna zaton in an ce al'umma ce ta gina abu, to ƙarya ne ko wasan kwaikwayo. Nauyin da na ji a hannuna na gaske ne. Hausar da nake magana da ita ma koya na yi, amma da ita nake mafarki.

Abin da zama a waje ke yi maka shi ne ka ga an yanka aikin maza da mata ta wani wuri daban, kuma kowa na rantsuwa nasa yankan ne na asali. A kasuwar Damagaram, keken ɗinki a hannun maza yake, su ke aikin wuyan riga, mai wanki da guga namiji ne, mai shayi ma haka. Maƙwabciyata tsohuwa a nan ta yi mamaki da ta ga mijina ya ɗinke maɓallin rigarsa, don a zamaninta allura da guga na mace ne. Shi kuma da ya karɓi hutun haihuwa, wanda doka ta kai kwana 28 tun 2021, yana wanke yaro yana canza masa kunzugu, Inna fita take yi daga ɗakin don kada ta ga surukinta a wannan hali.

Sai dai ba a komai nake bin Beauvoir ba. Macen da ta zana Bafaranshiya ce ta zamaninta. Matan Faransa sai a 1945 suka fara jefa ƙuri'a, shekara huɗu kacal kafin littafin, kuma sai a 1965 doka ta ba matar aure damar buɗe asusun banki ko kama aiki ba tare da izinin miji ba. Kakata kuwa, wadda ba ta fita sai da dare, tana da awakinta, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta hannun yara, tana zubin adashi, kuma in kakana ya ranci kuɗinta sai ya biya, domin shari'a ta ce dukiyarta tata ce. Wanda ya karanta littafin ya ɗauka duk matar da ke cikin gida ba ta da ko sisi, bai san tsakar gidan Hausa ba. Haka kuma Beauvoir ta fi kallon haihuwa da raino a matsayin tarko, ita da ba ta haihu ba. A wajenmu haihuwa da girma su ke ba mace murya. Amaryar da ba ta iya ɗaga ido yau, ita ce uwar miji da ake shakka nan da shekara talatin. Wannan saɓanin ma dai hujjarta yake ƙarfafawa: in macen Paris da ta Damagaram sun bambanta haka da jiki iri ɗaya, to wani abu ne ya gina kowacce.

Inda maganar ke da zafi shi ne abin da muke kira halitta don kada a taɓa shi. In aka cire yarinya daga makaranta tana shekara goma sha huɗu, aka ce ai mace ƙarshenta ɗakin miji, shawara ce wani ya yanke, ya jingina wa Allah. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, kuma ba wanda ya ce ta fita daga mace. Ke nan ko a cikin gidanmu an taɓa tanƙwara iccen ta wata fuska.

Yanzu ina da 'ya mace, shekararta biyar. Rannan tana zaune a ƙasa ta baje ƙafafu tana haɗa wasu 'yan katakai, wanta na gefe a zaune daidai irin zamanta. Kafin in ankara bakina ya riga ni: "Ke, gyara zamanki." Ta ɗago ta kalli wanta, ta kalle ni, ta ce, "Shi fa?" Na buɗe baki in ce shi namiji ne, sai na ce su duka biyun su tashi su wanke hannu, abinci ya nuna.